Kafin Ka Je Kasuwar Kwano: Yadda Ake Lissafin Rufi Daga Zanen Gida

Yawancin masu gini, idan aka zo rufi, faɗin ɗakuna suke dubawa. Mutum ya san gidansa mita 12 ne a tsawo, mita 8 a faɗi, sai ya ninka ya samu murabba'in mita 96, ya nufi Ƙofar Ruwa da wannan adadin a ransa. To amma kwano ba a ƙasa ake shimfiɗa shi ba. Yana hawa gangare, yana leƙowa waje ya wuce bango ta kowane ɓangare, kuma kowane falle yana hawa kan ɗan'uwansa. Waɗannan abubuwa uku su ne ke sa kwanon da aka sayo ya ƙare alhali rufi bai rufu ba, a fara zargin kafinta da abin da bai ci ba.

Bari mu ɗauki wannan gidan mai mita 12 da mita 8 mu bi shi har ƙarshe. Rufinsa mafi sauƙi ne: gangare biyu, ɗaya na zuba ruwa gaba, ɗaya baya, sun haɗu a tozo guda da ya bi tsawon gidan. Awon daga bayan bango zuwa bayan bango ne, ba cikin ɗaki ba. A zanen an nuna rufin zai leƙo santimita 60 ta kowane gefe, kuma sandar tsakiya, wadda ke ɗaga tozon sama da kan bango, tsayinta mita 1.5 ne. Waɗannan lambobi huɗu kawai muke buƙata: tsawo, faɗi, leƙowa da tsayin tozo.

Tsawon da ba ya cikin zane

Zanen rufi da ake ba mai gida kallo ne daga sama, kamar yadda shirwa ke ganin gida. Daga can ba a ganin gangare. Idan ka ɗora rula ka auna daga tozo zuwa bakin rufi za ka samu mita 4.6, wato rabin faɗin gida, mita 4, da leƙowar santimita 60. Wannan awon a kwance yake. Kwanon kuwa a jingine zai zauna, don haka dole ya fi haka tsawo. Tsayin tozo ba a wannan shafin ake samunsa ba, sai a shafin da ya nuna ginin ta gefe, kuma in babu shi a zanen to a tambayi kafinta tsayin da zai ba sandar tsakiya tun kafin a taɓa alƙalami.

Lissafin ba shi da wuya, na'urar lissafi ta waya ta isa. Ninka rabin faɗin da kansa: 4 sau 4, 16. Ninka tsayin tozo da kansa: 1.5 sau 1.5, 2.25. Haɗa su ka samu 18.25, sannan ka danna alamar √, za ta ba ka 4.27. Ma'ana, daga tozo zuwa kan bango, inda zane ya nuna mita 4, rafta za ta ci mita 4.27. Raba 4.27 da 4 ka samu 1.068. Wannan lambar ita ce mabuɗin rufin nan: duk mita ɗaya a kwance, mita 1.068 ce a gangare. Sai ka ninka ta da 4.6 ɗin nan, ka samu mita 4.91 daga tozo har bakin rufi. Ƙara santimita biyar da kwano zai wuce katakon baki don ruwa ya zuba ba tare da ya jiƙa shi ba, ka kai 4.96. Mu ce mita 5.

Wanda ba ya son lissafi yana da hanyar da tsofaffin kafintoci ke bi. A share fili, a ja layi madaidaici na mita 4, a tayar da wani na mita 1.5 a ƙarshensa da kusurwa daidai, a ja igiya daga kan gajeren layin ta bi ta ƙarshen dogon, a auna. Amsar ɗaya ce.

Tsawon rufin kuma, bin tozo, shi ne mita 12 da leƙowa biyu, 13.2. Yanzu kowane gangare shimfiɗa ce ta mita 13.2 da mita 4.91, biyun a haɗe kusan murabba'in mita 130. Ka ga tazarar da ke tsakaninsa da 96 ɗin da muka fara da shi: ya ɗara da fiye da kashi ɗaya cikin uku, kuma ba mu ma zo hawan falle kan falle ba.

Akwai abin da ya kamata mai gida ya sani a nan, tunda yanzu yayin dogon rufi ake yi. Da a ce an ɗaga tozon nan zuwa mita 3, mabuɗin zai tashi daga 1.068 zuwa 1.25, gangaren ya zama mita 5.75. Ƙarin kashi 17 cikin ɗari ke nan a kwano, ban da katako. Wanda ke son rufi mai tsini ya yi, hakkinsa ne, amma ya san kuɗin kwalliyar tun a takarda.

Ƙirga fallayen kwano

Ni ba na ba da shawarar a ɗauki murabba'in mita 130 a raba da girman falle ɗaya. Kwano ba a ƙirga shi da fili, da layi ake ƙirga shi: falle nawa ne za su jeru bin tsawon rufi, kuma nawa ne za su hau juna daga baki zuwa tozo.

Kowane falle yana da faɗi biyu. Akwai faɗinsa in ka sa tef daga gefe zuwa gefe, akwai kuma faɗin da yake rufewa bayan na kusa da shi ya hau kansa. Na biyun ne ake lissafi da shi. Kada ka dogara da abin da aka gaya maka da baki. A shagon ka sa a kwantar da falle biyu a ƙasa, a hau da su kan juna yadda za a buga su, ka auna daga gefen na farko zuwa gefen na biyu da ke daidai da shi. Abin da tef ya nuna shi ne naka.

Mu fara da dogon kwanon alminiyam, wanda masana'anta ke yanka maka daidai tsawon da ka nema. A ce wanda ka zaɓa faɗinsa mita ɗaya ne amma santimita 90 yake rufewa. Raba 13.2 da 0.9, ka samu 14.67. Babu mai sayar da kashi biyu cikin uku na falle, don haka 15 ne a kowane gangare, 30 a duka rufin, kowanne mita 5. Jimilla mita 150 a tsawo. Wanda ya yi lissafi da faɗin mita ɗaya zai samu 14 a kowane gangare, ya dawo gida da 28, a gama bugu a bar masa kusan santimita 50 a buɗe a ƙarshen kowane ɓangare. Falle biyu ba su da yawa, amma komawa masana'anta saboda su na nufin sabon kuɗin mota, kuma in naɗin da aka yanka maka ya ƙare, launin sabon na iya ɗan bambanta. Ka kuma tambaya yadda ake maka farashi: da mita a tsawo ne, ko da murabba'in mita? In da murabba'i ne, da wane faɗi aka ninka, wanda yake rufewa ko faɗin farantin kafin injin ya lanƙwasa shi? Farashi biyu da ba a kan awo ɗaya suke ba, ba a gwada su.

Kwanon bandir, wanda aka fi sani, lissafinsa ya ɗan fi tsawo saboda gajere ne. Bandir ɗaya falle 20 ne, kuma wanda ya fi yawa a kasuwa ƙafa shida ne, kimanin mita 1.8. A ce awonka a shago ya nuna yana rufe santimita 60. Raba 13.2 da 0.6, falle 22 ke nan a jere ɗaya. Daga baki zuwa tozo kuma, na sama yana hawa kan na ƙasa da aƙalla santimita 15, in gangaren kwance ne sosai ma a ƙara. Falle uku tsawonsu mita 5.4, kuma akwai mahaɗa biyu a tsakaninsu. Idan kowace mahaɗa ta ci santimita 20, an cire 40, saura mita 5 cif. Jere uku sun isa. Saboda haka 22 sau 3 sau 2, falle 132, wato bandir shida da falle goma sha biyu. Ka sayi bandir bakwai, takwas ɗin da suka rage su tare wanda ya yage ko ya lotse wajen sauke kaya.

Ga inda ake faɗawa rami. A ce ranar ɗora katako kafinta ya ce, "Alhaji, bari in ɗan ɗaga shi, zai fi kyau," ya mayar da sandar tsakiya mita 2. Rabin mita kawai ya ƙara. Gangaren kuwa ya koma kusan mita 5.2, alhali falle uku, ko an rage hawansu zuwa santimita 15, mita 5.1 suke kaiwa. Yanzu ko dai a sayo kwano mai ƙafa takwas don jere ɗaya, ko a yanka gutsattsari a yi jere na huɗu, ko a yi abin da aka fi yi ba tare da mai gida ya sani ba: a ja fallayen a rage hawan zuwa santimita goma ko ƙasa da haka. Da rani babu mai gane komai. Hadarin farko mai iska ne zai tura ruwa ya hau ta ƙarƙashin mahaɗar, a ga tabo a silin a miƙe, layi ɗaya daga wannan bango zuwa wancan. Duk yoyon da ya jeru haka, ba huda ba ce, mahaɗa ce.

Shi ya sa lissafin zane don tanadin kuɗi ne. Kafin a ba da odar dogon kwano, a jira katako ya hau, a ɗora tef a kan raftar gaske, a farkon rufi da tsakiya da ƙarshe. A kuma auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta. A ginin mita 12 da 8, kowace daga cikin biyun ya kamata ta ba da mita 14.42. In sun bambanta da yawa ginin ya karkace, bakin kwano zai fito kamar haƙoran zarto, kuma gara a ƙara 'yan santimita a tsawon fallayen a datse daga baya. Kwanon da ya yi tsawo ana rage shi, wanda ya gaza sai dai a sake saye.

Katakon da kwano ke kwanciya a kai

A kan rafta ake jera katakon kwance, wanda ke bin tsawon rufi, kuma a jikinsa ake buga kwano. A 'yan katako tu-bai-tu ko tu-bai-tiri za ka ce a ba ka. Tazarar da ake bari tsakanin layi da layi ta danganta da kaurin kwano da zurfin lanƙwasarsa. Alminiyam mai kaurin milimita 0.45 ba ya jure tazarar da mai 0.55 zai jure, kuma in masana'anta ta ba da adadi, nata ake bi. Ga gida irin wannan, kada a wuce santimita 90.

Layin farko yana bakin rufi, na ƙarshe yana ƙasa da tozo da kimanin santimita 15, don hular tozo ta samu abin kamawa. Tsakaninsu kusan mita 4.75. Raba da 0.9 ka samu 5.3, wato tazara biyar ba su isa ba, shida ake buƙata. Amma tazara shida layi bakwai ne, domin akwai katako a farko akwai kuma a ƙarshe. Wannan ɗayan da ake mantawa, a rufi mai gangare biyu, layi biyu ne masu mita 13.2 kowanne. Da layi bakwai tazarar ta sauko kusan santimita 80, wanda ya fi ma kyau.

Ga mai kwanon bandir ba shi da zaɓi sosai, domin dole kowace mahaɗa ta faɗo a kan katako. Sai a sa ɗaya a baki, ɗaya a ƙarƙashin kowace mahaɗa, ɗaya kusa da tozo, sannan ɗaya a tsakiyar kowane falle. A gidanmu wannan ma bakwai ya bayar.

Layi 14 ke nan a duka rufin. Katakon kasuwa ƙafa 12 ne, kimanin mita 3.6, kuma mai saurin lissafi zai ninka 14 da 13.2 ya raba da 3.6 ya ce guda 52. Bai yi daidai ba, saboda ba a haɗa katako biyu a iska, sai a kan rafta. A ce raftocin suna tazarar mita 1.2, wato jere 11 a kan bangon mita 12. Katakon farko zai ɗauki leƙowar santimita 60 da tazara biyu, mita 3. Na biyu da na uku su ɗauki tazara uku-uku, mita 3.6 kowanne. Na huɗu ya sake cin mita 3. Guda huɗu a kowane layi, 56 gaba ɗaya. Ƙara kaɗan saboda masu lanƙwasa da masu tsagewa, ka ce 60.

Amma ka tafi da tef ɗinka. Ba kowane katakon da ake kira ƙafa goma sha biyu ne ya cika ba, wani kuma bakinsa ya tsage sai an datse. Idan abin da ya rage mita 3.5 ne, ba zai kai rafta ta uku ba, sai a yanke shi a ta biyu, a mita 2.4. Kowane layi ya koma guda biyar, 56 ta zama 70. Rashin santimita goma ya jawo ƙarin katako goma sha huɗu. Maganinsa shi ne a auna katakon kafin a kafa rafta, in gajere ne a ɗan matso da raftocin kusa da juna.

Sukuru da ƙusa

Su ne mafi arha a cikin kayan, kuma su ne aka fi yi wa rowa. Ƙirgarsu daga mahaɗar tudun kwano da katako take fitowa. A ce dogon kwanonmu yana da tudu biyar. Ɗaya yana hawa kan na maƙwabci, don haka huɗu ake ƙirgawa a kowane falle. A layin baki da layin tozo, inda iska ta fi cizo, kowane tudu sai ya samu sukuru: huɗu sau biyu, takwas. A layuka biyar na tsakiya ana iya tsallake ɗaya a ɗaure ɗaya, muddin tudun da fallaye suka hau juna yana cikin waɗanda aka ɗaure: biyu sau biyar, goma. Falle ɗaya 18, falle 30 kuma 540.

Fallaye huɗu da ke ƙarshen rufi, biyu a kowane gefe, ba a tsallake musu ko ɗaya, domin daga gefe da kusurwa guguwa ke fara yaye rufi. Wannan ya ƙara 40, da wasu 14 na tudun ƙarshe da ba shi da maƙwabci. Mun kusa 600. Ƙara kashi goma cikin ɗari saboda waɗanda za su faɗi ƙasa da waɗanda za su kauce wa katako, ka sayi 650. In ka raba da murabba'in mita 130 ka samu biyar a kowanne, kuma wannan gwaji ne mai amfani: duk lissafin da ya ba ka biyu ko uku, an manta wani abu. Gidan da ke fili, babu bishiya babu maƙwabta, gara a ɗaure kowane tudu a kowane layi, 28 a falle, 840 a duka. Hular tozo, in ta sauko har kan layin sama, sukuru ɗaya ne ke riƙe ta da kwanon, kada a ƙirga sau biyu. Ita kanta, in guntayen mita 2.4 ake sayarwa, shida sun isa mita 13.2 har da hawan juna.

A kwanon bandir ƙusa mai hula ake amfani da ita. In aka sa huɗu a faɗin falle a baki da mahaɗai biyu da tozo, uku kuma a layukan tsakiya, kowane jere daga ƙasa zuwa sama zai ci 25. Jere 44 ne a rufin, ƙusa 1,100. Tunda da awo ko da kwali ake sayar da ita, ka ƙirga abin da ke cikin kilo ɗaya ko kwali ɗaya a gaban mai shago, sannan ka raba.

Tsawo ma lissafi ne. Sukuru zai ratsa tsayin tudun kafin ya taɓa katako, kuma ana son ya nutse a katakon da kimanin santimita uku da rabi. In tudun santimita uku ne, mai inci biyu da rabi ake nema. Mai inci biyu zai shiga, daga sama ba za ka ga bambanci ba, amma da ƙyar ya kama. A tudu ake bugawa, ba a kwari inda ruwa ke gudu ba, kuma a ɗaure har robar da ke ƙarƙashin kansa ta zauna, ba har ta fashe ko tudun ya lotsa ba. Alminiyam yana motsi da zafi: falle mai mita biyar, tsakanin sanyin asuba da tsakar rana, na iya miƙewa da kusan milimita biyar, shi ne ƙarar da ake ji a rufi da hantsi. Robar ce ke toshe ramin yayin wannan kai-komo, shi ya sa wadda rana ke busarwa cikin shekara guda ba arha ba ce.

Duk wannan lissafin na rufi mai gangare biyu ne a kan gini mai kusurwa huɗu, kuma mai gangare ɗaya ma haka ake yi masa, sai dai da cikakken faɗin gida ake lissafi, ba rabinsa ba, kuma ba a ninkawa biyu. Da zarar rufi ya zama mai gangare huɗu, ko gidan ya karya kwana aka samu kwarin da ruwan ɓangare biyu ke haɗuwa, fallayen ba sa zama tsawo ɗaya. Ana yanka su a karkace, kuma guntun da aka cire daga wannan gefe ba kullum yake shiga wancan ba. A nan sai an zana kowane gangare daban, an ja layukan fallaye a kansa da tazarar santimita 90, an rubuta tsawon kowanne. Girman rafta da yadda za a ɗaure ta da bango kuwa ba aikin wannan ƙirgar ba ne, na injiniya ne ko kafintan da ya ƙware.

Takardar da mai wannan gida zai riƙe, in alminiyam ya zaɓa, gajeriya ce: falle 30 masu mita 5, hular tozo 6, katakon kwance 60, sukuru 650 masu inci biyu da rabi. A ƙasanta ya rubuta abubuwan da lissafin ya dogara a kansu, wato tozo mita 1.5, leƙowa santimita 60, faɗin rufewa santimita 90, rafta a tazarar mita 1.2, ya ba kafinta kwafi. Duk ranar da ɗaya daga cikin huɗun nan ya canza a wurin aiki, a sake lissafin kafin a biya kuɗin kwano.